Rabawa da ɓangaren lamba

Rabawa da ɓangaren lamba tambaya ce: sau nawa ɓangaren zai fito daga adadin da ake rabawa? A ce mai sayar da shinkafa a kasuwar Shanga tana da mudu 6, tana ƙulla 2/3 na mudu a kowace leda. Idan ta kasa kowane mudu gida uku, kaso 18 ne ke gabanta, wato 6 × 3. Kowace leda kuwa kaso biyu take ci, shi ya sa za a raba 18 gida biyu, a sami leda 9. Ninkawa da 3 sannan rabawa da 2 shi ne ninkawa da 3/2, wato 2/3 a kife. Amsar ta fi 6 saboda ƙulli ɗaya bai kai mudu ba.