Yadda ake saita barci da abinci a tafiyar Guangzhou

Mahaifina fataucin shanu yake yi daga Kafanchan zuwa Kudu, kuma bai taɓa sauya agogo a hanya ba, don lokacin Najeriya ɗaya ne. Ni kuwa da na raka kawuna saro kaya a Guangzhou ta ƙasar Sin, kwana uku na yi ina gyangyaɗi a kasuwa, har na kuskure lissafin kuɗi. Ga abin da na koya.

Guangzhou tana gabanmu da awa 7. Ƙarfe 11 na dare a can, ƙarfe 4 na yamma ne a gida, shi ya sa barci yake ƙin zuwa. Ƙarfe 8 na safe kuma, jikinka yana ganin ƙarfe 1 na dare ne. Jiki yana da nasa agogon, kuma in ka yi gabas, kusan awa ɗaya kawai yake gyarawa a kullum. Wato sai ka yi kamar mako guda kafin ka daidaita. Masu zuwa Saudiyya ba sa shan wannan wahalar sosai, don tazararsu awa 2 ce.

Ka fara shiri kwana uku kafin tashi. In ƙarfe 11 kake kwanciya, ka koma 10, sai 9, sai 8, kana matso da tashi da abincin dare daidai da haka.

Haske ne ya fi juya agogon jiki, kuma a nan mutane suke kuskure. In ba ka yi wancan shirin ba, hasken safiyar Guangzhou baya zai mayar da agogonka, don jiki yana ɗaukarsa hasken dare. A kwana biyun farko ka yi Asuba ka koma ka kwanta, ka guji rana sai wajen ƙarfe 11 ko 12, sannan ka fita. Daga nan kullum ka riƙa fita da wuri da awa ɗaya.

Abinci kuwa ka ci shi da lokacin garin, ko ba ka jin yunwa. In yunwa ta tashe ka cikin dare, ɗan biredi ya isa. Goro, shayi da kofi ka bar su awa 6 kafin kwanciya. Barcin rana kada ya wuce minti 30.

Dawowa ta fi sauƙi, don jinkirta barci ya fi gaggauta shi sauƙi. Tun la'asar barci zai kama ka. Ka daure, ka zauna a waje har Magariba, ka kwanta wajen ƙarfe 10. Amma kada ka ja mota daga filin jirgin Abuja zuwa Kafanchan ranar da ka sauka. Mai ciwon suga kuma ya tambayi likita yadda zai sauya lokacin magani tun kafin tafiya.