Yadda mai fata mai saurin ƙaiƙayi zai zaɓi yadin fita kunya

A Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, zafi yakan tsananta a watannin Maris da Afrilu, hunturu kuma yakan busar da fata daga Disamba zuwa Fabrairu. A lokutan biyu tufafi kan dami mai fata mai saurin ƙaiƙayi, musamman kayan ado na Juma'a, biki da ofis.

Abu na farko da za a duba shi ne zaren yadin. Auduga tana tsotse gumi, iska kuma tana ratsa ta. Zaren roba, wato foliyesta, wanda ake yawan samu a leshi da shadda mai araha, yana tsare gumi a jikin fata. Wani nau'in rinin da ake yi masa kuma yakan fita da gumi ya tayar da ƙuraje.

Ƙyalli ba ya nuna ingancin yadi. Kafin a saya, a nemi ɗan ƙyalle a wurin mai shago, a ƙona bakinsa cikin hattara. Auduga tana warin takarda mai ƙuna, ta bar toka mai laushi. Zaren roba yana narkewa, ya dunƙule ya yi tauri.

Ko shaddar auduga zalla tana iya damun fata tana sabuwa, saboda sinadaran da masana'anta ke sa wa yadi don ya yi tauri ko ya ƙi yamutsewa. Shi ya sa ya kamata a wanke yadi sau biyu da sabulu marar turare, a ɗauraye sosai, kafin a kai wa tela. Idan ana son sheƙin ya dawo, a kai wa masu bugu, a ce kada su sa sitaci.

Ɗinki ma yana da nasa tasirin. Misali, wanda zai ɗinka kaftani mai aiki a wuya ya nemi tela ya lulluɓe bayan aikin da shafin auduga, domin zaren da ke ciki shi ne ke goge ƙirji. A saki hammata da wuya kaɗan. Mace mai son leshi ta sa a yi masa cikakken shafin auduga, har da hannu.

Wurin da ƙuraje suka fito yakan nuna musabbabinsu. Idan sun bi gefen hammata, wuya da ƙugu, inda tufa ke matsewa, wataƙila yadin ne. Sukan bayyana kwana 1 zuwa 3 bayan sa kayan, shi ya sa mutane ba sa zargin tufar. Idan fata ta tsage, ko tana fitar da ruwa, ko ƙaiƙayin bai lafa ba bayan an ajiye tufar, a ga likita.