Yadda ake rubuta wa banki takardar ƙorafi kan kuɗin ruwa

Banki ba ya mayar da kuɗi don an ce ruwa ya yi yawa. Abin da ke sa ya sake dubawa shi ne lissafin da aka ciro daga relebe, wato takardar shige da ficen kuɗin asusu.

Idan banki ya yarje wa mutum ya ciri fiye da abin da ke asusunsa, rana-rana ake lissafa ruwan. Ana ninka bashin da kason ruwa na shekara, a ninka da yawan kwanaki, sannan a raba da 36.000, domin bankuna sun saba ɗaukar shekara a kwana 360. Kwanakin da za a ƙirga su ne na layin "date de valeur", ranar da banki ya fara lissafi da kuɗin, ba ranar da aka miƙa su ba.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar albasa na Tama, cikin gundumar Buza, mai asusu a Madawa. Yarjejeniyarsa ta ce kashi 12 cikin ɗari. Bashin sefa 2.000.000 ya yi kwana 20 a kansa, ruwansa 13.333. Sai ya zuba 1.200.000, saura 800.000 suka yi kwana 10, ruwansu 2.667. Jimla 16.000 ke nan. Amma relebe ya nuna an cire 20.000, wanda shi ne daidai ruwan miliyan biyu na kwana 30 cur. Rarar jika huɗun ta nuna ba a yi lissafi da zubinsa ba.

Kafin a rubuta, a ware haraji da kwamisho, don sukan shiga cikin abin da relebe ke kira "agios". Wanda ya haɗa su da ruwa zai ga kuskure inda babu.

Takardar, wadda akan rubuta da Faransanci zuwa ga shugaban reshe, ta ƙunshi lambar asusu, watan da ake magana a kai, kason da aka sa wa hannu, lissafin layi-layi, da adadin da ake neman a mayar. A haɗa da kofen relebe, na yarjejeniya da rasit ɗin zubi, a kuma sa banki ya buga hatimi da kwanan wata a kan kofen mai ƙorafi.

Akwai kuma iyakar doka. A ranar 1 ga Janairun 2014, iyakar da ƙasashen UMOA, har da Nijar, suka tsayar ta fara aiki: kashi 15 ga bankuna da 24 ga asusun lamuni na jama'a. Ana auna iyakar da TEG, wanda ya haɗa ruwa da kwamisho, bisa dokar ranar da aka ƙulla bashin. Idan banki bai amsa cikin wata guda ba, ko amsar ba ta gamsar ba, ana iya kai kuka ga hukumar sa ido kan bankuna ta UMOA da ke Abijan, ko kotu.