Inshorar mota: Yadda ake kwatanta tayin kamfanoni ta iyakar diyya, kason mai mota da abubuwan da aka keɓe

Tun daga ranar 1 ga Fabrairun 2025, lokacin da rundunar 'yan sandan Najeriya ta fara tilasta wa masu ababen hawa mallakar inshora, tambayar da aka fi yi wa dillalai ita ce: nawa ne? Amsar wannan tambaya tana bayyana abin da zai fita daga aljihun mai mota ne kawai. Abin da zai dawo masa ranar da tsautsayi ya afka yana rubuce a wasu wurare uku na takardar yarjejeniya: iyakar diyya, kason da shi kansa zai ɗauka daga kowace asara, da jerin abubuwan da kamfani ya keɓe ya ce ba ruwansa da su.

Abin da hukuma ta ƙayyade

Inshorar mota iri biyu ce aka fi sani. Ta farko ita ce wadda doka ta wajabta, mai biyan ɓarnar da mota ta yi wa wani, amma ba ta gyara motar mai inshorar. Hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 daga ranar 1 ga Janairun 2023, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya kan ɓarnar dukiyar wani daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ta biyu ita ce cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa da gyaran motar mai ita, da sata, da gobara. A sanarwar da ta zo da wancan ƙari, hukumar ta ce kuɗin cikakkiyar inshora ba zai gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar da aka yi wa motar inshora a kai ba.

Wannan ƙa'ida tana da amfani ga mai kwatance. Tun da akwai ƙasan da farashi bai kamata ya wuce ba, tayin da ya zo da arha fiye da kima yana nufin an rage wani abu a wani wuri, kuma aikin mai saye shi ne ya gano inda aka rage.

Tayi uku kan mota guda

A ɗauki misali, wanda alƙalumansa na kwatance ne kawai. Wata matashiya a Kano ta sayi mota da darajarta a kasuwa ta kai naira miliyan 10, ta karɓi tayi daga kamfanoni uku.

Na farko ya nemi naira 350,000 a shekara. Ya rubuta darajar motar miliyan 7, da iyakar miliyan 3 kan ɓarnar dukiyar wani. Kason mai mota kuwa kashi 10 cikin ɗari ne na kowace diyya, ko naira 100,000, duk wanda ya fi yawa. Ambaliya da tarzoma ba sa ciki.

Na biyu ya nemi naira 500,000. Ya rubuta darajar motar miliyan 10, sauran sharuɗɗan kuma daidai suke da na farko.

Na uku ya nemi naira 580,000. Darajar motar miliyan 10, iyakar ɓarnar dukiyar wani miliyan 5, kason mai mota naira 50,000 tsayayye, sannan an shigar da ambaliya da tarzoma.

Tsakanin mafi arha da mafi tsada akwai tazarar naira 230,000. Ko wannan tazara riba ce ko asara, sai an gwada kowane tayi da abin da ka iya faruwa a kan hanya.

Iyakar diyya

Iyaka biyu ce a cikin cikakkiyar inshora, kuma kowacce da inda take cizo. Ta farko ita ce darajar da aka rubuta wa motar. Arhar tayi na farko daga nan ta samo asali: kashi 5 cikin ɗari na miliyan 7 shi ne 350,000, wato farashin bai sauka ba, darajar motar aka rage. Idan aka sace motar, kamfani ba zai biya fiye da miliyan 7 ba, kuma bayan cire kashi 10 abin da zai shiga hannun mai ita miliyan 6 da dubu 300 ne, kan motar da sai da miliyan 10 za a maye gurbinta.

Illar ba ta tsaya ga sata ba. Yarjejeniyoyi da dama suna ɗauke da sharaɗin rabon asara, wanda ke cewa wanda ya yi inshorar kashi 70 cikin ɗari na darajar dukiyarsa, kashi 70 na kowace ɓarna za a biya shi. Idan gyaran karo ya ci naira 800,000, kamfani na farko zai lissafa 560,000, ya cire 100,000, ya biya 460,000. Ƙara wa mota daraja fiye da gaskiya shi ma ba ya kawo riba, domin a bisa al'ada kamfani yana biyan darajar kasuwa ce ta ranar da aka yi asara, matuƙar ba ta haura abin da aka rubuta ba. A lokacin da faɗuwar naira ke ɗaga farashin motoci, darajar da ta yi daidai bara za ta iya gazawa bana, don haka ake sake duba ta a duk lokacin sabuntawa.

Iyaka ta biyu ita ce ta ɓarnar dukiyar wani. Idan matashiyar ta daki wata babbar mota, gyara ya kama naira miliyan 4 da rabi, kamfani na farko da na biyu za su tsaya a miliyan 3, ragowar miliyan ɗaya da rabi ya zama bashi a wuyanta. Na uku, mai iyakar miliyan 5, zai iya ɗaukar ɓarnar gaba ɗaya.

Kason mai mota

Wannan kaso, wanda ma'aikatan inshora ke kira ekses, shi ne kuɗin da ake cirewa daga diyya a duk lokacin da aka nemi biya, ba sau ɗaya a shekara ba. Kamfanoni suna sanya shi ne don rage ƙananan buƙatu da kuma sa direba ya yi hattara. Yadda aka rubuta shi ya fi girman adadinsa muhimmanci. Tsayayyen adadi ba ya canzawa komai girman asara, shi kuwa kaso cikin ɗari yana girma tare da ita, sannan jimlar nan ta "duk wanda ya fi yawa" tana tabbatar da cewa lissafin da ya fi yi wa kamfani daɗi shi za a bi.

A gyaran nan na naira 800,000, kamfani na biyu zai cire 100,000 ya biya 700,000, na uku ya cire 50,000 ya biya 750,000. Bambancin 50,000 ne, bai kai ƙarin 80,000 da aka biya wa na uku ba, saboda haka a ƙaramin karo guda na biyu ya fi sauƙi. Lissafin yana juyawa a babbar asara. Idan aka sace motar, kashi 10 na miliyan 10 ya zama miliyan ɗaya, na biyu ya biya miliyan 9, na uku kuma ya biya miliyan 9 da dubu 950. Haka nan duk ɓarnar da ba ta kai naira 100,000 ba, kamar fashewar fitila ko madubi, mai tayi na biyu daga aljihunta za ta gyara. Wasu kamfanoni suna yarda a ƙara kuɗi a soke wannan kaso ko a rage shi, kuma yana da kyau a nemi farashin hakan a rubuce.

Abubuwan da aka keɓe

Iyaka da kaso suna rage diyya ne, amma keɓewa tana soke ta ɗungurungum. Sunan "cikakkiyar inshora" yana ruɗar mutane da yawa a nan. A yarjejeniyoyi da dama ambaliya da tarzoma da yajin aiki ba sa cikin tushen inshorar, sai an nemi a ƙara su an biya. Ga mazauna Arewa wannan ba lamari ba ne na nesa. A watan Agustan 2024 zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe zuwa ɓarnar dukiya a Kano har aka sanya dokar hana fita, a watan Satumba kuma ɓallewar madatsar ruwan Alau ta nutsar da unguwanni masu yawa a Maiduguri. Idan ruwa ya shiga injin motar da ake misali da ita, gyara ya kama naira miliyan 2 da rabi, kamfani na farko da na biyu ba za su biya ko kwabo ba, na uku zai biya miliyan 2 da dubu 450.

Kalmomin da aka zaɓa su ma abin lura ne. Shigar da tarzoma ba ya nufin an shigar da ta'addanci ko yaƙi, waɗanda galibi ake keɓe su daban. Sai kuma keɓewar da ta shafi yadda ake amfani da motar. Wadda aka rubuta ta gida ce, idan aka sanya ta haya ko ɗaukar fasinja ta manhajar waya, kamfani na iya ƙin biya. Haka idan direban ba shi da ingantaccen lasisi, ko yana cikin maye. Tsufan kayan mota da lalacewar inji ta yau da kullum su ma ba aikin inshora ba ne.

Yadda ake jera tayin

Kwatance ba ya yiwuwa sai an bai wa kowane kamfani bayani iri ɗaya: daraja guda, nau'in amfani guda, da jerin ƙarin da ake so. Daga nan sai a nemi cikakkiyar takardar sharuɗɗa kafin biya, domin 'yar takardar shaidar da ake nuna wa jami'ai a hanya ba ta ɗauke da kason mai mota ko cikakken jerin abubuwan da aka keɓe. Sai a gwada kowane tayi da asara huɗu, wato ƙaramin karo, da sata, da ɓarnar motar wani, da ambaliya ko tarzoma, a rubuta abin da zai rage a wuyan mai mota a kowacce. Wanda ke ajiye mota a kan tudu, a cikin gida mai ƙofa, yana iya ganin tayi na biyu ya wadatar da shi. Wanda ke zaune a kwari ko yake yini a cunkoson tsakiyar gari, ƙarin 80,000 ɗin na iya zama kuɗin da ya fi kashewa da hikima a shekarar.

Masu zaɓar takaful, tsarin taimakekeniya bisa shari'ar Musulunci wanda NAICOM ke ba lasisi, su ma wannan gwaji ya hau kansu, domin takardunsa suna da iyaka da kaso da abubuwan da aka keɓe. Bayan biya kuma, ana tabbatar da cewa inshorar ta shiga rumbun bayanan masana'antar, NIID, ta shafin askniid.org, inda ake shigar da lambar mota. Idan lambar ba ta fito ba, a koma wa kamfanin nan take, domin takardar bogi ba ta biyan diyya komai kyan sharuɗɗan da aka buga a kanta.