Tarihin Matse Hoto: Yadda JPEG da PNG Suka Raba Aiki a Tsakaninsu

Hoton da ke cikin kwamfuta ko waya tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, waɗanda aka jera layi-layi, kuma kowane ɗigo yana ɗauke da lambobi uku da ke nuna yawan ja da kore da shuɗi da ke cikinsa. Kowace lamba tana cin bayit ɗaya, wato ƙaramin ma'aunin da ake auna girman fayil da shi, saboda haka hoto mai faɗin ɗigo 640 da tsayin ɗigo 480, wanda shi ne girman da aka saba gani a fuskar kwamfuta a farkon shekarun 1990, yana cin bayit 921,600 idan ba a taɓa shi ba. Modem na wancan lokaci, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, wanda ke tura bit 14,400 a daƙiƙa, alhali bit takwas ne ke yin bayit guda, sai ya shafe fiye da minti takwas kafin ya sauke wannan hoto. Daga wannan matsi ne hanyoyi biyu na rage nauyin hoto suka taso: ɗaya tana taƙaita bayanai ba tare da ta zubar da komai ba, ɗayar kuma tana zubar da abin da ido ba ya lura da shi. Kusan duk shawarar da ake bayarwa yau game da zaɓen tsarin fayil ta samo asali ne daga wannan rabuwa.

Hanyar da ba ta zubar da komai ita ce ta fara isa hannun jama'a. A 1977 da 1978 Abraham Lempel da Jacob Ziv suka wallafa dabarar gano jerin alamomin da ke maimaituwa a cikin bayanai, ta yadda maimakon a sake rubuta jerin sai a yi nuni kawai ga inda ya taɓa bayyana, sannan a 1984 Terry Welch ya gyara dabarar ta zama abin da ake kira LZW. A kanta ne kamfanin CompuServe na Amurka ya gina tsarin GIF a 1987, ƙarƙashin jagorancin Steve Wilhite. GIF ba ya ɗaukar launi fiye da 256 a hoto guda, abin da ya wadatar ga taswira da tambari da zane, inda fili mai faɗi ke ɗauke da launi ɗaya tak kuma maimaici ya yi yawa. Amma a hoton kyamara, inda da wuya a sami ɗigo biyu maƙwabta da suka yi daidai, dabarar ba ta samun abin taƙaitawa sosai, ga shi kuma ƙarancin launi yana sa fatar mutum ko sararin sama ya fito dabbare-dabbare.

Maganin hoton kyamara ya fito ne daga lissafi. A 1972 Nasir Ahmed, injiniya haifaffen Indiya da ke koyarwa a Jami'ar Jihar Kansas, ya kawo shawarar wani lissafi da aka fi sani da DCT, wanda shi da T. Natarajan da K. R. Rao suka wallafa a 1974. A 1986 aka kafa kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa kan hotuna, wanda daga sunansa ne aka sami kalmar JPEG, kuma bayan gwada hanyoyi da dama kwamitin ya zaɓi DCT, ya fitar da ƙa'idarsa a 1992.

Aikin JPEG yana tafiya ne mataki-mataki, kuma kowane mataki ya dogara da wani rauni na idon ɗan Adam. Da farko ana raba haske da launi, domin ido ya fi ganin bambancin haske da duhu fiye da bambancin launi. Sai a bar bayanan haske yadda suke, a rage na launi ta yadda ɗigo huɗu maƙwabta za su yi tarayya a launi ɗaya, wanda manhajoji ke nunawa da alamar 4:2:0, kuma wannan kaɗai yana rage rabin bayanan. Daga nan a yanka hoton gida-gida, kowane gida ɗigo takwas a faɗi da takwas a tsayi, sai DCT ya mayar da ɗigo 64 na kowane gida zuwa lambobi 64 na daban. Lamba ta farko tana nuna matsakaicin hasken gidan, na kusa da ita suna nuna sauyin haske mai tafiya a hankali, na can ƙarshe kuma suna nuna ƙananan zane-zane masu saurin sauyawa.

A mataki na gaba ne asarar gaske ke faruwa, inda ake raba kowace lamba da wani adadi daga wani jadawali, a zubar da ragowar ta hanyar kai sakamakon ga cikakkiyar lamba mafi kusa. A jadawalin haske da ƙa'idar ta bayar a matsayin misali, ana raba lambar farko da 16, ta ƙarshe kuma da 99. Idan aka ɗauki 48, a gurbin farko za ta zama 3, kuma idan aka zo buɗe hoton aka ninka ta da 16 sai ta dawo 48 cif, amma a gurbin ƙarshe ba ta kai rabin ɗaya ba, don haka za ta zama sifili, ta tafi ke nan har abada. Da yake yawancin lambobin ƙarshe suna komawa sifili, ana taƙaita jerinsu cikin sauƙi, a kammala da dabarar David Huffman ta 1952, wadda ke bai wa alamar da ta fi yawan fitowa gajeriyar lamba. Ta haka ake iya rage hoto zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma ba tare da mai kallo ya ankara ba, saukewar da ke cin minti takwas ta koma ƙasa da minti ɗaya.

Ma'aunin inganci daga 1 zuwa 100 da ake gani a manhajojin gyaran hoto ba ya cikin ƙa'idar JPEG. Ya yaɗu ne ta hanyar libjpeg, manhajar kyauta da wata ƙungiyar sa-kai ƙarƙashin Tom Lane ta fara fitarwa a 1991, wadda ta ɗauki 75 a matsayin ma'aunin da take amfani da shi idan ba a zaɓi wani ba. Lambar ba ta nufin kashi cikin ɗari na bayanan da aka bari, tana daidaita girman adadin da ke cikin jadawalin rabawa ne kawai, kuma shi ya sa 80 a wata manhaja ba lallai ta yi daidai da 80 a wata ba.

A ƙarshen 1994 rikici ya ɓarke a ɗaya ɓangaren, lokacin da aka sanar cewa masu rubuta manhajojin GIF za su riƙa biyan kamfanin Unisys kuɗi, domin shi ke riƙe da haƙƙin mallakar LZW. Cikin watan Janairun 1995 Thomas Boutell ya fitar da daftarin sabon tsari, masu sa-kai suka taru a kansa, har ya zama PNG, wanda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da shi a 1996. PNG ba ya zubar da ko ɗigo ɗaya, yana ɗaukar launuka miliyoyi, kuma yana ba da damar barin wani sashe fayau ta yadda za a hango abin da ke bayansa, abin da JPEG ba ya yi. Haƙƙin Unisys ya ƙare a Amurka a 2003, amma daga baya GIF ya koma ga gajerun hotuna masu motsi.

Wannan tarihi ne ya haifar da rabon aikin da ake bi har yau. Rubutu da zane suna da kaifin baki, inda baƙi ke haɗuwa da fari kai tsaye, kuma irin wannan sauyi na farat ɗaya yana zaune ne a cikin lambobin ƙarshe da JPEG ke zubarwa, shi ya sa hoton fuskar waya mai rubutu, idan aka adana shi a JPEG, ake ganin dusa-dusa kewaye da haruffa, jan rubutu kuma ya yi kamar ya zuba. Hoton kyamara kuwa, idan aka adana shi a PNG, yakan ninka na JPEG nauyi sau da yawa ba tare da ido ya ga wani ƙari ba.

Imel yana da nasa tarihin da ke ƙara nauyi. An gina shi ne don ɗaukar rubutu zalla, sai a 1992 ƙa'idar MIME ta Nathaniel Borenstein da Ned Freed ta ba da hanyar liƙa fayil, ta hanyar mayar da kowane bayit uku zuwa haruffa huɗu. Saboda haka duk hoton da aka liƙa yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya bisa uku a kan hanya. Idan aka ɗauki hotuna takwas na waya, kowanne mai faɗin ɗigo 4,000 da tsayin 3,000 da nauyin megabayit 4, jimillarsu 32 ce, ta riga ta wuce iyakar megabayit 25 da Gmail ya sa, kuma a kan hanya za ta kai kusan 43. Babban gyara a nan shi ne rage yawan ɗigo kafin a taɓa inganci, domin faɗin 1,600 da tsayin 1,200 ya wadatar wajen kallo a fuskar waya ko kwamfuta, kuma ɗigo 1,920,000 ne kacal, wato kashi 16 cikin ɗari na miliyan 12 na asali. Da manhajar ImageMagick ana yin haka da umarni ɗaya:

```
magick hoto.jpg -auto-orient -resize 1600x1600 -quality 80 -strip karami.jpg
```

Sashen `-strip` yana cire bayanan da kyamara ke liƙawa, har da wurin da aka ɗauki hoton, kuma da yake alamar da ke nuna ko hoton a tsaye yake ko a kwance tana cikinsu, dole `-auto-orient` ya riga shi, in ba haka ba hoton na iya isa a karkace. Sakamakon yakan kasance kilobayit ɗari uku zuwa biyar, gwargwadon yawan ƙananan abubuwan da ke cikin hoton, don ganyen bishiya ya fi bango fari cin wuri. Ana tantance ingancin ne ta buɗe hoton a cikakken girmansa a duba wurare uku: sararin sama, ko ya rabu zobe-zobe, inuwa, ko gidajen nan na ɗigo takwas sun bayyana, da bakin abubuwa masu kaifi. Ana kuma yin kowane gyara daga hoton asali, domin duk lokacin da aka gyara JPEG aka sake adana shi, ana sake rabawa da zubar da ragowa.

Bayan haka an yi ta ƙoƙarin maye gurbin JPEG. JPEG 2000 bai karɓu a yanar gizo ba, duk da ƙwarewar lissafinsa, domin yawancin burauzoji ba su buɗe shi. Google ya fitar da WebP a 2010 daga fasahar bidiyo ta VP8, daga baya ya haɗa matsewa mai asara da marar asara da barin fili fayau a tsari ɗaya, amma sai a 2020 burauzar Safari ta fara buɗe shi. Wayoyin iPhone sun koma HEIC a 2017, sannan AVIF ya fito a 2019 daga fasahar bidiyo ta AV1. Shafin yanar gizo yana iya miƙa wa kowace burauza tsarin da take ganewa, ya ajiye JPEG a matsayin madogara, shi ya sa WebP da AVIF suka sami gindin zama a can. Mai aika imel kuwa bai san da wace na'ura za a buɗe saƙonsa ba, don haka JPEG ga hoton kyamara da PNG ga rubutu da zane su ne har yanzu zaɓin da ba ya ba da matsala a wajen mai karɓa.