Takardar tantance ƙwarewar ɗalibin jinya

Takardar tantance ƙwarewa jerin matakai ne da malamin jinya yake riƙewa yana duba ɗalibi lokacin da yake aiki a kan majinyaci. A gaban kowane mataki yakan sa alamar an yi daidai, an yi da gyara, ko ba a yi ba. A Najeriya, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda aka kafa a 1979, ita ke tsara horon da jarrabawarsa. Makarantar ungozoma ta Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, tana ƙarƙashin wannan tsari.

Misali: awon hawan jini

Malami yana duba ko ɗaliba ta wanke hannu, ta yi wa majinyaciya bayani, ta bar ta ta huta minti 5, sannan ta ɗora hannunta daidai da zuciya. Madaurin da ya yi wa damtse kaɗan yakan nuna awo sama da na gaskiya. Sakin iska da gaggawa, fiye da milimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, yakan rage lambar sama: mai ciki da jininta ya kai 144 sai a rubuta mata 135, ƙasa da 140 da ake fara bincike a kansa.

Iyakarta

Takardar tana ƙirga abin da ido ya gani ne, ba ta nuna ko ɗalibar ta ji bugun jinin daidai. Shi ya sa malami yakan sake awon da kansa ya kwatanta. Wannan ya fi muhimmanci ga wadda za ta yi aiki a ƙaramin asibitin ƙauye a Faskari ko Sabuwa, inda wataƙila babu wanda zai maimaita awon bayanta.