Soke Mataccen Bashi a Littafin Ciniki: Sokewa Kai Tsaye ko Tanadin Asara?

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta hanyoyi biyu da akantoci ke bi wajen cire bashin da aka fid da rai da shi. Ta nuna cewa saɓaninsu yana kan shekarar da za ta ɗauki asarar, ba yawanta ba.

1.0 Misalin Nazari

A ƙaddara wani dila a Kantin Kwari ya rufe littafinsa ranar 31 ga Disamba, 2022, yana bin 'yan sari naira miliyan 40. A ciki akwai naira 600,000, kuɗin atamfar da wani ya ɗauka a Nuwamba. A Afrilun 2023 aka tabbatar mutumin ya karye.

Idan aka soke kai tsaye, a Afrilun za a cire 600,000 daga basussuka a rubuta ta asara. Hanyar ba ta da wuya, sai dai 2022 ta ci ribar cinikin, 2023 kuma ta biya kuɗin sabulu. In da abokan tarayya, to sun riga sun raba ribar da babu ita.

2.0 Tanadin Asara

A nan tun a Disamba ake kasa bashin gwargwadon daɗewarsa. A ce miliyan 36 bai wuce kwana 90 ba, kuma dila ya saba kashi 2 cikin ɗari na irinsa ke nutsewa, wato 720,000. Sauran miliyan 4 ya haura kwana 90, ana sa ran rasa kashi 20, wato 800,000. Tanadin ya zama 1,520,000, a caje shi kan ribar 2022, abin da ake sa ran karɓa ya tsaya a 38,480,000.

Da Afrilu ya zo (an ɗauka ba a biya komai ba tukuna), sai a rage 600,000 daga bashi, a kuma rage ta daga tanadi. Bashi ya koma 39,400,000, tanadi 920,000, bambancinsu yana nan 38,480,000. Ribar 2023 ba ta girgiza ba. Ɗalibai kan yi tuntuɓe a nan, su sake rubuta asarar, ta zama sau biyu.

Ma'aunin IFRS 9, wanda ya fara aiki a Janairun 2018, wannan tafarki ya bi: a ƙiyasta asara tun ba ta auku ba.

3.0 Raunin Hanyar

Tanadi ƙiyasi ne, kuma mai neman rancen banki na iya murɗa shi. Da dilan ya mai da kashi 20 zuwa 10, ribarsa ta ƙaru da 400,000 ba tare da ya sayar da ko turmi ɗaya ba. Mai binciken kuɗi kan gano haka idan ya jera tanadin kowace shekara kusa da bashin da aka soke a shekarar da ta biyo. In sokewa kullum tana zarce tanadi, an ƙanƙantar da ƙiyasin. Wata alamar kuma ita ce bashin da ya shekara biyu yana kwance a littafi, an ƙi soke shi don mai shi suruki ne.